Najdi ko Na'imi? Yadda za ka raba su a hoto

Kafin Babbar Sallah, dillalai a Makka da Jidda kan turo hoton rago a waya, su ce "Najdi ne". Najdi da Na'imi nau'i biyu ne na tumaki da ake kiwo a Saudiyya. Kada ka biya sai ka duba da kyau.

Najdi dogo ne, mai dogayen ƙafafu. Jikinsa baƙi, kansa fari, kunnuwansa dogaye ne masu lanƙwasowa, gashinsa kuwa santsi ne da shi, yana zubowa kamar na akuya. Yawanci ba shi da ƙaho, ko kuwa ɗan tsugul ne.

Na'imi akasin haka yake: jiki fari-fari mai kaurin ulu, kai ja ko ruwan ƙasa. Bai kai Najdi tsayi ba, amma ya fi shi cika. Ragonsa kan yi manyan ƙahoni masu murɗewa, wutsiyarsa kuma faffada ce, cike da kitse.

Inda ake ruɗewa shi ne ragon da aka yi wa aski, ko hoton da aka ɗauka a inuwa, inda jan kai ke komawa baƙi. Ni dai a nan ba na yarda da launi. Sai in ce wa dillali: "Malam, ɗauko mini shi daga gefe, a rana, in ga ƙafafu da wutsiya."