Yogot mai mangwaro: wane kofi za ka ɗauka a cikin ukun?

Ka buɗe firjin kanti ka tarar da kofunan yogot iri uku, kowanne giram 200, kowanne da hoton mangwaro nunanne a gabansa. Hoton ba zai raba maka gardama ba, sai ka juya kofin ka karanta jerin kayan haɗi, wannan rubutun mai ƙananan haruffa da yawancinmu ba ma kulawa da shi. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, amma haka ake tsara rubutun a jikin kaya.

Kofi na farko ya ce: yogot, haɗin mangwaro 20% (mangwaro 40%, sukari, ruwa, sitaci, filebo). Na biyu ya ce: yogot, sukari, mangwaro (10%), sitaci, filebo. Na uku kuwa: ruwa, sukari, garin madara, sitaci, filebo, kala.

Ƙa'idar farko ita ce ana jera kayan ne bisa nauyinsu a lokacin da aka zuba su, mafi yawa a gaba, mafi ƙanƙanta a baya. Haka yake a ma'aunin lakabin abinci na Codex Alimentarius na 1985, wanda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suke kula da shi, kuma ƙasashe da yawa a kansa suka gina dokokinsu. Da wannan kaɗai kofi na uku ya faɗi: ruwa ne a gaba, sukari ya fi madara yawa, mangwaro kuma ko sunansa babu. Ƙamshi ne da launi. In abin sha mai sanyi da arha kake so, ba laifi, amma kada ka biya kuɗin mangwaro.

Gardamar tana tsakanin na farko da na biyu, kuma a nan ido yake ruɗar mutum. Ka ga 40% a wancan, ka ga 10% a wannan, sai hannu ya tafi ga na farko. Dakata. Abin da aka kira haɗin mangwaro ba mangwaro ba ne zalla, wani kwaɓi ne da aka dafa daban, galibi ma wani kamfanin ne ya yi shi ya sayar wa masu yogot. Shi ya sa aka buɗe baka biyu a bayansa aka lissafa abin da ke cikinsa. Kashi 40 ɗin na kwaɓin ne, kwaɓin kuma kashi 20 ne kacal na kofin. Kwaɓin giram 40 ke nan a kofi mai giram 200, mangwaron da ke ciki kuma giram 16, wato kashi 8 cikin ɗari. Kofi na biyu mai 10% yana da giram 20. Mai ƙaramar lamba shi ya fi yawan mangwaro.

Ta yaya za ka gane lambar da ke cikin baka biyu ta kwaɓin ce ko ta kofin gaba ɗaya? Idan ta ciki ta fi ta waje girma, kamar 40 da 20, magana ta ƙare, ta kwaɓin ce, domin ɗa ba ya girmar uwarsa. Inda ake shan wahala shi ne idan ta ciki ta fi ƙanƙanta. A ce an rubuta haɗin mangwaro 20% (mangwaro 12%, sukari, ruwa, sitaci, filebo). Zai iya zama giram 24 in na kofin ne, ko ƙasa da giram 5 in na kwaɓin ne. To dubi matsayinsa. Abu biyar ne a cikin kwaɓin, mangwaro ne a gaba, kuma wanda ya fi yawa a cikin abu biyar ba zai gaza kashi 20 ba. Saboda haka 12 ɗin na kofin ne. Wasu kamfanoni suna sauƙaƙa wa mai saye su rubuta ƙarara cewa lissafin na dukkan kayan ne, kuma ni wannan yana ƙara mini yarda da su.

Baka biyu kuma wurin ɓuya ne ga sukari. A kofi na farko sai ka ga kamar sukarin kaɗan ne tunda ya shige ciki, alhali shi ne na biyu a kwaɓin. Wani lokacin yakan fito sau biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje, kowanne ya zama ƙarami a ido. Jerin kayan haɗi ba zai haɗa maka su ba. Ka koma ɗan teburin da ke nuna abin da ke cikin giram 100, ka dubi layin sukari. Yogot da ba a sa masa komai ba yana da kamar giram 4 zuwa 5 daga madarar kanta, don haka in ka ga 14, kusan giram 10 zubawa aka yi. A kofi mai giram 200 ya zama giram 20, kamar ƙaramin cokalin shayi biyar.

Sai filebo, wanda dukkan kofunan uku suke da shi. Kalma ɗaya ce, amma tana iya rufe sinadarai masu yawa, kuma doka ba ta tilasta a lissafa su ɗaya bayan ɗaya ba. Ko an ce na asali ne, ba lallai daga mangwaro aka samo shi ba, ana nufin dai an ciro shi daga wani tsiro ko dabba. Kayan da suka fito daga Turai, irin waɗanda ake gani a manyan kantunan Yamai da Abuja, suna da ƙa'ida mai tsauri a nan: ba za a kira shi filebon mangwaro na asali ba sai aƙalla kashi 95 na sinadarin ƙamshin daga mangwaro ya fito.

Abin da ya fi damun mutanenmu shi ne ruwan da ake narkar da filebon a ciki. Wani lokacin sinadarin barasa ne, wani lokacin wani ruwa ne daban mai lamba E1520, kuma yawanci ba a rubuta ko ɗaya. Adadin da yake isa cikin kofin ɗan mitsitsi ne, hukuncinsa kuma na malamai ne, ba nawa ba. Amma lakabin ba zai ba ka amsa ba, sai dai tambarin halal ko ka tambayi kamfanin. Haka jelatin, da ake samu daga fata da ƙashin dabba ake sa wa wasu yogot don su yi kauri: ana iya rubuta shi ba a faɗi dabbar ba. Kitsen alade kam ma'aunin Codex ya ce dole a ambace shi da sunansa.

Akwai kuma rangwamen da ake yi wa ƙananan haɗe-haɗe. Idan haɗin sananne ne a doka kuma bai kai kashi 5 na abincin ba, ana iya rubuta sunansa kawai ba tare da an buɗe cikinsa ba. A Turai iyakar kashi 2 ce. Rangwamen bai shafi abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa ba, irin su gyaɗa, ƙwai, madara, alkama, waken soya da kifi. Waɗannan sai an faɗe su komai ƙanƙantarsu. Mai yaron da gyaɗa take tayar wa ƙaiƙayi ko kumburi ya karanta har ƙasan jerin, inda ake rubuta gargaɗi.

Ni kofi na biyu zan ɗauka, muddin sukarinsa a teburin bai zarce na farko sosai ba, kuma akwai lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki. Na farko ya dace da wanda ya fi son kauri da zaƙi, in farashinsa bai haura ba. Da bazara kuwa, lokacin da mangwaro ya cika baro a bakin titi, ba na ɗaukar ko ɗaya. Yogot marar haɗi nake saya in yanka rabin mangwaro a ciki, wanda ya ninka giram 20 ɗin nan sau uku ko huɗu.