Horon Tallata Kaya ta Hanyar Labari: Abin da Na Tarar Bayan Na Gwada Shi a Lambunan Mirya

Shekara huɗu ke nan ina sayar da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a shagona da ke Zango, nan Damagaram, kuma mafi yawan masu sayen kayana masu lambu ne na Mirya da Matamai da wasu ƙauyukan kwarin Korama. A ƙarshen daminar bara na biya jika 35 na shiga wani horo na kwana uku da wata cibiya ta shirya, kan yadda ake gina jawabin talla a kan labarin matsalar mai saye da kuma abin da yake burin samu. Na jinkirta wannan sharhi da gangan sai da na yi rani guda ina aiki da abin da aka koya mana, domin irin wannan horo ba a sanin amfaninsa a cikin ɗakin taro.

Kafin horon, in na je gaban ƙungiyar masu lambu, da kayan nake farawa. Nakan ce ga farantan hasken rana biyu masu wat 300 kowanne, ga famfo, ga garantin shekara biyu, ga kuɗi jika 450. Ana saurarena cikin ladabi, a ce kayan sun yi kyau, sannan shugaba ya rufe da cewa za su yi shawara. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san cewa wannan shawarar ba ta ƙarewa.

A rana ta farko mai horarwar, wata mata da ta daɗe tana aikin talla, ta hana mu ambaton kayanmu kwata-kwata. Ta ce jawabin da zai kama mutum hawa huɗu ne, kuma a jere suke: halin da mai saye yake ciki yau, abin da wannan hali yake ci masa, inda yake son ya ga kansa, sannan hanyar kaiwa can, wadda a cikinta ne kaɗai kayanka za su fito. In jawabin na minti 15 ne, kada sunan famfo ya fito daga bakinka kafin minti na goma. Labarin na mai lambu ne, shi ne ake ba da labarinsa, kai kuwa matsayinka na wanda ya san hanya ne ya nuna. Ta kuma bayyana mana cewa jerin tambayoyin da za mu yi amfani da su wajen tono labarin ta ɗauko shi ne daga tsarin da Neil Rackham ya wallafa a 1988, inda ake fara tambayar halin da ake ciki, a bi da matsala, a bi da abin da matsalar ke jawowa, a ƙare da amfanin da warware ta zai kawo.

Wannan sashe na tambayoyi shi ne ya biya kuɗina, kuma zan nuna dalili da abin da ya faru da ni. Mako guda bayan horon na hau babur na yi tafiyar kilomita 18 ɗin nan zuwa Mirya, ba da niyyar sayar da komai ba, na zauna da wani dattijo da ke noman salati da kabeji da albasa, a bakin rijiyarsa. Na tambaye shi lita nawa injinsa ke sha, ya ce biyu a rana, wato jika ɗaya in an sami mai a gidan mai a kan kusan sefa 500 kowace lita. Ban ruwan rani yana ɗaukarsa kimanin kwana 120, ke nan jika 120, sai baƙin mai da gyaran inji da suka ci masa kusan jika 20. Har nan ban ji wani abin da ban sani ba, kuma da a da ne, nan zan tsaya in ce masa famfona zai huce masa jika 140 kowane rani.

Sai na yi tambaya ta uku, wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce, “Baba, ranar da babu jikar man, me ke faruwa?” Ya yi shiru yana gyara bakin fangali da ƙafa, sannan ya ce, “Ɗana, ai shuka ba ta san babu ba. Sai in je wurin mai sarin albasa ya ba ni, in albasa ta yi kuma shi zai yanka mata kuɗi.” Da na tambaye shi abin da zai so ya gani baɗi, bai ambaci rage kashe kuɗi ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi yana so ya cire albasarsa ba a binsa ko dala, ya ajiye ta a rumbu har ta yi tsada, ya kai ta kasuwa ranar da ya ga dama. Shekara huɗu ina tallar rage tsadar mai, ashe abin da mutanen ke nema shi ne su mallaki amfanin gonarsu.

A kan wannan na gina jawabin da na yi wa wata ƙungiya mai mutum 14 a wani ƙauye dabam. Na fara da sanyin asuba na watan Disamba, mutum ya ja igiyar inji, ya leƙa tanki ya ga man ba zai kai fangali na ƙarshe ba. Na bi da lissafi a baki, da jika da dala kamar yadda suke ƙirga kuɗi, ban yi amfani da lambobin faransanci ba. Na kai su ga ranar cire albasa, buhuna a jibge amma rabinsu da mai su tun suna cikin ƙasa. Daga nan na juya hoton: ranar dai ita ce, buhunan su ne, amma babu mai tsaye a bakin lambu yana jira. Sai bayan nan na ce akwai hanyar da ruwa zai hau ba tare da an sayi mai ba, na buɗe kwalin famfon. Game da kuɗi ban ɓoye komai ba, na ce jika 450 ne, in aka raba da jika 140 rani uku ba su isa ba, sai an shiga na huɗu kafin famfon ya mayar da kuɗinsa, sai fa wanda ke noma sau biyu a shekara.

Alamar da ta nuna mini labarin ya shiga ita ce katse ni da aka yi. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Malam, lissafinka ya yi kaɗan, injina lita uku yake sha,” wani kuma ya ce in man gidan mai ya yanke, a wurin ƴan bumburutu kuɗin ya wuce haka nesa. Mai horarwar ta faɗa mana wannan tun a aji, cewa mutum ba ya gyara maka labarin da bai ɗauke shi nasa ba, kuma na ga gaskiyarta da idona. Mutum uku daga cikinsu suka sayi famfo kafin ƙarshen rani, biyu da biya kashi-kashi.

Sai dai akwai abin da horon bai koya mana ba, kuma rashinsa ya jawo mini kunya. An nanata mana cewa mu zurfafa a hawa na biyu, mu sa mai saye ya ji zafin matsalarsa. A zama na gaba, a wani gari, na kai maganar bashi sannan na dubi wani magidanci na tambaye shi a gaban ƴan'uwansa ko shi ma ana binsa. Wurin ya yi tsit, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri,” kuma daga nan babu wanda ya sake gyara mini lissafi har na gama. Misalan da aka ba mu a aji na tarukan kamfanoni ne, inda asarar da ake magana a kanta ta ma'aikata ce, ba ta taɓa mutuncin kowa. A wurinmu bashi sirrin magidanci ne. Tun daga ranar, tambayoyi masu zurfi a keɓe nake yin su, mutum ɗaya a lambunsa, a taro kuwa labarin wani nake bayarwa, wanda na nemi izininsa, ba tare da sunansa ko sunan garinsa ba, in bar kowa ya ga kansa a ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Rana ta uku kusan duka an ƙarar da ita ne kan tsara shafukan PowerPoint, hoto ɗaya da jimla ɗaya a kowane shafi. Ga wanda zai je ofishin wata ƙungiyar agaji ko banki wannan zai yi amfani, amma ni da nake jawabi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ban ƙaru da komai ba. Abin da ya maye mini gurbin shafukan shi ne jarkar mai da babu komai a cikinta, wadda nake ajiyewa a tsakiyar tabarma tun farkon magana.

Abu na ƙarshe da na so a ce an ja mana kunne a kansa shi ne iyakar alkawari. Labari mai daɗi yana da sauƙin zarcewa ya zama tatsuniya, kuma mai lambu da ya ji ƙanshin tatsuniya ya daina sauraro. Famfon rana ba ya ba da ruwa da asuba ko bayan la'asar sakaliya, lokutan da mutanenmu suka saba ban ruwa, don haka ko dai a canja lokaci ko a gina wurin tara ruwa, wanda shi ma kuɗi ne. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa in ba a goge farantan. Famfon da ake ajiyewa a bakin rijiya kuma ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da kamar mita bakwai, sai an koma ga wanda ake zurawa ciki, mai kuɗi dabam. Yanzu waɗannan ukun suna cikin hawa na huɗu na jawabina, ina faɗarsu kafin a tambaye ni, kuma ba na karɓar kuɗin kowa sai na zura igiya na auna rijiyarsa a watan Afrilu ko na tambayi inda ruwan ke tsayawa a lokacin, domin zurfin da aka gani a Nuwamba yaudara ne.

Ga mai sayar da kaya masu tsada da ake daɗewa ana shawara a kansu, kamar famfo ko firiza ko injin niƙa, kwana biyun farko sun cancanci jika 35 ɗin. Mai sayar da kayan da ake saye yau a cinye yau ba ya bukatarsa. In cibiyar za ta sake shirya shi, shawarata ita ce a soke ranar shafuka, a kwashi mahalarta a kai su Kasuwar Dole ko lambu, kowa ya zauna da mai saye na gaske ya yi masa tambayoyin nan, ya dawo ya maimaita wa aji abin da ya ji da kalmomin mutumin, ba da nasa ba.