Wifi mai rauni a laftof ɗaya: laifin eriya ne ko na saiti, kuma wane gyara ne ya cancanci kuɗi?

"Assalamu alaikum. A gidanmu da ke Zango wayoyi uku suna kama wifi lafiya lau har cikin ɗakina, amma laftof ɗina sanda ɗaya ko biyu take nunawa, kuma tana yawan yankewa. Ta hannu na saya a bara, an taɓa canza mata allo. Wani ya ce in sayi na'urar ƙara ƙarfin wifi, wani kuma ya ce in sake Windows. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna, domin idan wayoyi suna aiki a daidai wurin da laftof ta kasa, to akwatin wifi ya sauke nauyin da ke kansa, kuma matsalar tana jikin laftof ɗin. A jikin nata kuwa abubuwa biyu ne ake yawan samu: ko dai ba ta jin siginar da kyau saboda eriyarta ta samu matsala, ko kuma tana ji sarai amma saiti ko direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin wifi da ke cikinta, shi ne ke hana ta aiki. A ido duk kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban, kuma gwajin da bai wuce minti goma ba yana raba su.

Sandunan da ke kusurwar allo ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, don kowace na'ura da yadda take zana nata. Ka danna maɓallin Windows ka rubuta cmd, idan tagar rubuta umarni ta buɗe ka rubuta wannan:

```
netsh wlan show interfaces
```

Ka nemi layin Signal, wanda ke ba da ƙarfin sigina daga 0 zuwa 100, da layin Channel, ko Canal idan Windows ɗinka na Faransanci ne kamar na yawancinmu a nan Damagaram. Ka auna sau biyu: na farko laftof tana nisan mita ɗaya daga akwatin wifi babu komai a tsakaninsu, na biyu a cikin ɗakinka. Laftof mai lafiya takan nuna 90 ko fiye a mita ɗaya, sa'annan ta sauka a hankali gwargwadon nisa da bango. Wadda eriyarta ta cire takan nuna 60 ko 70 tun tana gaban akwatin, kuma da zarar ta shiga ɗaki na gaba sai adadin ya faɗi warwas. Akwai alama ta biyu da ba ta buƙatar rubuta komai: ka ajiye waya kusa da laftof, ka ƙirga sunayen wifi da kowace ke gani. Idan waya tana ganin na maƙwabta shida ko bakwai, laftof kuwa ba ta ganin kowa sai naku, to kunnenta ne ya yi nauyi.

Dalilin da ya sa maganar allon da aka canza ta fi komai ɗaukar hankalina shi ne yadda ake ƙera laftof. Katin wifi ɗan ƙarami ne, yana ƙasa a jikin babban faifan da sassan laftof ke jone a kansa, amma a mafi yawan laftof eriyar tana can saman murfi, a gefen kyamara. Abin da ke haɗa su siraran wayoyi ne guda biyu, galibi baƙa da fara, waɗanda ke bi ta cikin gaɓar da murfi ke buɗewa da rufewa, su ƙare da wasu ƴan kawuna kamar maɓallin riga da ake dannawa a kan katin. Duk wanda ya buɗe murfi don canza allo sai ya taɓa waɗannan wayoyi. Yana iya manta mayar da kan guda, yana iya matse waya a cikin gaɓa, kuma idan murfin gaba ɗaya aka ɗauko daga wata gawar laftof, yana yiwuwa kawunan wayoyinsa ba girmansu ɗaya da na katinka ba, domin tsofaffin katuna na mini PCIe suna da manyan kawuna, sababbi na M.2 kuwa ƙanana.

Na ga irin wannan a laftof ɗin ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou. Bayan an gyara masa gaɓar murfi da ta karye, ya shafe kusan wata biyu yana zama a ƙofar falo don ya sauke darussa. Da muka auna, a mita ɗaya ta nuna 68, a ɗakinsa kuma, bayan bango biyu na bulo, ta nuna 22, alhali tawa laftof ɗin a kan tabarma ɗaya tana nuna 64. Sai na ce ya riƙa kwantar da murfin a hankali muna maimaita umarnin, muka ga adadin yana tsalle tsakanin 18 da 40 gwargwadon yadda murfin ya karkata. Wannan ya isa hujja, don babu wani saiti da ke canzawa saboda an motsa murfi. Da aka kwance gindin laftof, farar wayar tana nan daram, baƙar kuwa fatarta ta tsage a daidai gaɓa. Aka ciro eriya daga wata matacciyar laftof irinta aka saka, ɗakin nan da ke ba da 22 ya koma 61.

Ɗaya ɓangaren kuma, idan gwajin ya nuna maka 95 a kusa da 60 a ɗaki amma duk da haka intanet na jan ƙafa ko yana yankewa, to eriya ba ta da laifi, kuma gyaran kyauta ne. Abu na farko da zan duba shi ne ko matsalar tana ƙaruwa idan wuta ta ɗauke. Windows yana rage wa katin wifi ƙarfi idan laftof ta koma kan batir, kuma tunda ƙananan akwatunan wifi masu layin waya suna da nasu batirin, mutum yakan ga waya na aiki laftof na wahala, ya ɗauka rezo ne. Ka rubuta `devmgmt.msc` a cmd, ka buɗe katin wifi a ƙarƙashin Cartes réseau, ka shiga Gestion de l'alimentation idan shafin yana nan, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tattalin wuta. Bayan haka ka sauke direban katin daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, domin waɗanda ake sayarwa na hannu sau da yawa an zuba musu Windows a gurguje, da direban da ya samu kawai. Sake Windows gaba ɗaya, kamar yadda aka ba ka shawara, aiki ne na yini guda da ke jefa takardunka cikin haɗari, kuma duk abin da zai gyara a wannan fanni sabon direba zai gyara shi cikin mintuna.

A nan ne layin Channel ke da amfani. Lamba daga 1 zuwa 13 tana nufin laftof tana kan zangon gigahaz 2.4, lamba 36 zuwa sama kuma zangon gigahaz 5 ne. Na farkon ya fi ratsa bango da kai wa nesa, amma cunkoso ya yi masa yawa. Na biyun ya fi sauri, amma katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Birni tana cinye shi nan da nan. Yana yiwuwa wayoyinku suna komawa 2.4 da kansu idan an shiga ɗaki, laftof kuwa ta nace wa 5. Akasin haka ma yana faruwa, inda tsohon kati bai san 5 ba sam, kuma umarnin `netsh wlan show drivers` zai nuna maka: idan babu 802.11a ko 802.11ac a jerin, katin na 2.4 ne kaɗai. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne faifan ajiya da aka jona ta USB 3.0 yana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4, saboda haka ka cire duk abin da ke jone kafin ka yi awo.

Idan ta tabbata eriya ce, zaɓi biyu ne na gaskiya a gabanka. Gyaran ciki shi ya fi inganci, don eriyar da ke saman murfi ta fi kowace ƙaramar na'ura samun sarari, kuma idan kan waya ne kawai ya fita, danna shi aikin minti biyar ne. Sai dai kawunan nan ba su da ƙwari, mai gaggawa yana iya ɓalle mazauninsu daga jikin katin, sa'annan canza wayar gaba ɗaya yana nufin a sake buɗe murfin da allonka ke ciki. Ka kai wa wanda ya saba, ka roƙe shi ya cire batir kafin ya taɓa komai, ka kuma maimaita awon a gabansa kafin ka biya.

Ɗan wifi na USB kuwa ba ya buƙatar a kwance ko ƙusa ɗaya, yana zagaye katin ciki da eriyarsa baki ɗaya, don haka yana maganin lalacewar kati da ta eriya a lokaci guda. Amma akwai bambanci babba tsakanin ire-irensa. Ɗan mitsitsin nan da bai wuce farce ba eriyarsa ma mitsitsiya ce, kuma da yawa daga cikinsu na 2.4 ne kaɗai, saboda haka a ɗaki mai nisa ba lallai ya fi abin da kake da shi ba. Ka nemi mai eriya a tsaye wanda aka rubuta AC a kwalinsa, ka tambaya ko yana aiki da Windows ɗin da kake da shi, kuma bayan ka jona shi ka kashe katin ciki don kada laftof ta ci gaba da bin tsohuwar hanya. Illarsa ita ce yana cinye ƙofar USB ɗaya, yana kuma saurin karyewa a cikin jaka.

Canza katin ciki ba zai amfana ba muddin wayar eriya ce ta yanke, kuma wasu tsofaffin laftof ba sa ma tashi idan aka saka musu katin da kamfaninsu bai amince da shi ba. Na'urar ƙara ƙarfi kuwa an yi ta ne don gidan da kowa ke kukan sigina a wani ɓangare. A naku gidan za ta ƙara wa wayoyin da ba su nema ba, ita laftof kuma sai an dasa na'urar kusan a gefenta kafin ta ji, kuma da ka fita da ita zuwa makaranta ko ofis matsalar tana nan tare da kai. A matsayinka, da zan fara da awon nan biyu yau da dare, in ƙara da gwajin motsa murfi, kuma idan adadin ya yi tsalle, gobe in koma wurin wanda ya canza allon in nemi ya duba wayoyin biyu tun daga kan kati har zuwa gaɓa.