Kofaretib ɗin wurin aiki: asusu ne mai kyau, bashin ne ke son lissafi

Bayan shekaru ana cire mini kuɗin kofaretib daga albashi a Birnin Kebbi, hukuncina a kanta kashi biyu ne. Wajen tara kuɗi ban ga kamarta ba ga mai albashi, domin ana cire kuɗin tun kafin alat ya shigo, abin da ido bai gani ba kuwa hannu ba ya kai masa. Wajen bashi kuma ta fi banki sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai arahar ba ta kai yadda ake faɗa a ofis ba.

Shiga ba wuya. Mutum ya sayi fom, ya rubuta abin da za a riƙa cire masa duk wata, ya sa hannu a takardar izinin cirewa da za a kai wa sashen albashi. Yawancin ƙungiyoyin sai mutum ya yi wata shida yana zubi kafin ya cancanci rance, kuma abin da aka fi bayarwa shi ne ninki biyu na abin da ya tara, tare da mutum biyu 'yan ƙungiya da za su tsaya masa. Kowace ƙungiya da nata kundin dokoki, don haka a nemi kwafi a karanta, kada a dogara da abin da ma'aji ya faɗa a baranda.

Mu ɗauki ma'aikaci mai karɓar naira 120,000 a hannu, yana zuba 10,000 duk wata. Bayan wata 15 ya tara 150,000, ya nemi 300,000 don biyan kuɗin haya da na makarantar yara. An ce masa kashi 10 cikin ɗari, a biya cikin wata 12. Ke nan zai mayar da 330,000, ana cire masa 27,500 kowane wata. Zubin 10,000 ɗin nan ba ya tsayawa don ana bin mutum bashi, saboda haka 37,500 ke fita, ya koma gida da 82,500 har shekara ta zagayo. Nan ne da yawa ke tuntuɓe: sun lissafa biyan bashin, sun manta da zubin. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce jimillar abin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci a wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku, kuma ko babu dokar, wannan ma'auni ne mai hankali. Sulusin 120,000 shi ne 40,000, to mutuminmu ya tsaya daf da bakin gaɓa. In ya ƙara karɓar buhun shinkafar azumi a kai, to kafin ashirin ga wata sai ya koma littafin mai shago.

Shi kansa kashi 10 ɗin yana da ɓoyayyen nauyi. An ɗora shi ne a kan dukan 300,000 tun ranar farko, alhali kuɗin ba ya zama a hannun mutum shekara cur. A wata na shida ya riga ya mayar da rabi, amma cajin bai ragu ba. In aka auna shi da irin ma'aunin da ke bin ragowar bashi, ya kai kusan kashi 18 a shekara. Wasu ƙungiyoyin ma tun farko suke zare nasu: a rubuta 300,000, a tura masa 270,000, ya biya 25,000 sau 12. Wannan ya kusa kashi 20. Har yanzu ya fi bashin albashi na banki da na manhajojin waya sauƙi, ba a kuma kiran dangin mutum ana ci masa mutunci. Amma a tuna rabin abin da aka ranta masa kuɗinsa ne, wanda ba zai taɓa ba sai ya gama biya.

A Kebbi da Zamfara batun kuɗin ruwa ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka koma bashi marar ruwa, sai kuɗin fom kawai, ribarsu kuma ta fito daga sayar da kaya: shinkafa, taki, babur, ragon layya. Ƙungiya ta sayi kaya ya zama nata, ta faɗi ribarta, ta sayar wa mamba ya biya kaɗan-kaɗan, abin da malamai ke kira murabaha. Abu biyu nake dubawa a nan. In kuɗin fom yana hawa daidai da girman bashi, mai 100,000 ya biya 5,000, mai 300,000 ya biya 15,000, to suna kawai aka canza, ya kamata a kai wa malami tambayar. Na biyu, farashin kayan a gwada shi da na babbar kasuwa a ranar, ba da wanda kwamitin saye ya ce ya sayo ba. A ce buhu 60,000 ne a kasuwa, ƙungiya ta ba da shi 66,000 a wata huɗu, ba laifi. In ta ce ta sayo shi 64,000 sannan ta ɗora ribarta, akwai wanda ya ci 4,000 a hanya.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne tsakanin cirewa da turawa. Takardar albashi za ta nuna an cire maka 37,500, amma wannan ba shaida ba ce cewa kuɗin ya isa asusun ƙungiya. Wurin aiki na iya riƙe kuɗin da ya cire wata biyu ko uku bai tura ba, ko ya tura dunƙule ba tare da jerin sunaye ba, sakatare ya rasa na wa zai rubuta wa nawa. Alamar farko ita ce layi. Rancen da a da ake samu cikin mako biyu ya koma wata uku, ana ce wa mutane "ba a saki kuɗi ba". Alama ta biyu, taron shekara ya wuce ba a kira ba, ko a kira a karanta lissafin da odita bai duba ba. Maganin mai sauƙi ne amma 'yan kaɗan ke yi: duk wata uku a karɓi bayanin asusu daga sakatare, a ajiye shi gefen takardun albashi, a bi wata-wata. Zubi 15 na 10,000 dole ya nuna 150,000. In ya nuna 130,000, a nemi watanni biyun da suka ɓace tun ana iya tuna su. A kuma tabbatar ƙungiyar tana da rajista a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha, don can ake kai ƙara in rigima ta taso. Hukumar NDIC da ke ba da inshorar ajiyar banki ba ta rufe kuɗin kofaretib, in ya salwanta babu mai biyan ka.

Tsaya wa mutum kuwa, ana sa hannu ne kamar gaisuwa: "Yallaɓai, ɗan sa mini hannu a nan." In aka sallami mai bashin, ko ya ajiye aiki, ko aka dakatar da albashinsa lokacin tantance ma'aikata, ana fara cinye ajiyarsa, ragowar ya faɗo kan waɗanda suka tsaya masa. A misalinmu, in ya tafi bayan wata uku, ya biya 82,500, saura 247,500. Ajiyarsa ta kai 180,000, saura 67,500, wato 33,750 a kan kowane ɗayansu.

Rabon ribar ƙarshen shekara yana da daɗi, amma bai kamo tsadar kaya ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, kuɗin da ya kwana a littafi shekara guda ya rasa kusan rubu'in ƙarfinsa. Saboda haka ni ba na barin ajiya ta yi ta taruwa ba dalili. Ina tara ta ne da niyyar wani abu da aka sa wa lokaci, kamar kwanon rufi, fili ko hatsi da kaka. Wanda kuma yake shirin ritaya ya duba kundin dokoki tun da wuri, domin fita da kuɗi gaba ɗaya sai an ba da sanarwa a rubuce, a wasu wuraren wata uku, kuma ba a sallamar mutum muddin wanda ya tsaya wa bai gama biya ba.