Wayoyi na hawa intanet, laftof ta ƙi: yadda muka kaya da wani mai gyara a Samaru

Kwana huɗu laftof ɗina ta yi tana nuna ta kama waifai ɗin gida, amma a ƙarƙashin sunan rautar sai ka ga No internet, secured. Ga maiɗakina tana kallon bidiyo a wayarta, ga tawa wayar saƙonni na shigowa, duk a kan rauta ɗaya. Na kashe rautar na kunna har na gaji, na ma ƙara sayen data don ina zaton ko ta ƙare ne, kuɗin da har yanzu nake jin haushinsu.

Shagon farko da na je a Sabon Gari, ko kunna ta ba a yi ba aka ce sai an yi fomatin, naira dubu takwas. Na ɗauki kayata na yi gaba. Wani abokin aiki ne ya yi mini kwatancen wani mai gyara a Samaru, kuma tun a waya ya burge ni, don cewa ya yi in taho da rautar.

Da na isa daga Tudun Wada, tambaya ya fara yi: "Malam, a wani wurin tana hawa?" Na ce a ofis lafiya lau take. Ya ce to rauta ba ta da laifi tunda wayoyi na aiki, katin waifai ma ba shi da laifi tunda yana aiki a ofis. Ya buɗe Command Prompt ya rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
ipconfig /all
ping 192.168.0.1
ping 8.8.8.8
ping google.com
```

Na farkon ya nuna rautar ta ba laftof adireshi 192.168.0.103. Ya ce da ya ga lambar da ta fara da 169.254, da ya san rautar ba ta ba ta adireshi ba ke nan, Windows ce ta ƙirƙiro wa kanta, kuma wannan wata cuta ce daban. Na biyu ya amsa, wato laftof na magana da rauta. Na uku ma ya amsa, abin da ya ba ni mamaki, ashe duk kwanakin nan hanyar fita waje a buɗe take. Na huɗu ne ya ƙi, ya ce could not find host.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Kwamfuta lamba ta sani, ba ta san suna ba. Idan ka rubuta google.com sai ta tambayi DNS lambar wannan sunan, kamar ka duba sunan mutum a waya don ka sami lambarsa. Ya nuna mini layin DNS Servers, an rubuta 10.0.0.5. Wannan lambar cikin gida ce ta ofishinmu, daga waje ba a kai mata. Sai na tuna ranar da aka karɓi laftof ɗin a wurin aiki don a haɗa ni da manhajar ofis. An shigar da lambar da hannu a cikin saitin katin waifai ɗin kansa, don haka duk inda na je can take aika tambaya, ba mai amsawa. Wayoyi kuwa daga rautar suke karɓar nasu kai tsaye.

Gyaran bai kai minti uku ba. Ya buɗe ncpa.cpl, ya shiga Properties na Wi-Fi, sannan Internet Protocol Version 4 (TCP/IPv4), ya zaɓi Obtain DNS server address automatically, ya bi da ipconfig /flushdns. Shafi ya buɗe nan take. Kafin ya taɓa komai sai da ya sa na ɗauki hoton tsohuwar lambar, ya ce mai yiwuwa manhajar ofis ta ƙi buɗewa. Haka kuwa aka yi ranar Litinin, amma da na nuna hoton aka saita mini ita ta wata hanyar da ba ta taɓa waifai na gida.

Inda ban ji daɗi ba, na yi zaman jira fiye da awa ɗaya a kan benci cikin zafi, bayanin ma sai da na yi ta tambaya kafin ya saki baki. Yaron shagon kuma ya so ya cusa mini wata manhajar kashe bairos ba tare da ya tambaye ni ba, sai da na ce, "A'a ɗan'uwa, bar ta haka."

Dubu uku ya ce, na ce aikin minti uku fa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kwana nawa ka yi kana nema?" Na biya ba ragi, takarduna na ciki ko ɗaya bai ɓata ba. Laftof ɗin ƙanwata da ke yanke waifai in ta yi zafi, can zan kai ta ranar Asabar, da sassafe kafin layi ya taru.