Datar mako ta GB 1.5 a hannun mai buga gem: abin da karawa ke ci da abin da sabuntawa ta cinye

Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa a Najeriya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, na daina sayen datar wata, na koma kan ƙaramar datar mako ta GB 1.5, wadda kowa ya san nawa ake sayar da ita yanzu. Ba zan kama sunan kamfanin layin ba, haka nan ba zan faɗi sunan wasan ba, sai dai in ce wasan harbi ne irin wanda ake zuba 'yan wasa da yawa a fili ɗaya, a yi ta fafatawa har a bar mutum ɗaya ko tawaga ɗaya. Abin da na so in gano shi ne ko wannan datar za ta iya riƙe mai buga wasa kowace yamma har mako ya zagayo, domin abokan wasana sun daɗe suna cewa gem ne ke shanye musu data.

Mamakin farko da na sha mai daɗi ne, domin karawar kanta ba ta cin komai idan aka kwatanta da sunan da ta yi. Hanyar da na bi na auna ba ta da wuya. Kafin a shiga wasa sai a buɗe Settings, a je wurin da aka rubuta Data usage ko App data usage, a taɓa sunan wasan, a rubuta lambar da ke wurin a takarda. Bayan an buga karawa kamar biyar a jere sai a dawo a sake dubawa, a cire lambar farko daga ta biyu, a raba abin da ya rage gida biyar. A wayata lambar ta tashi daga MB 214 zuwa MB 273, wato MB 59 ke nan, kuma idan aka raba sai a ga kowace karawa ta kusan minti 20 ta ci abin da bai wuce MB 12 ba. Auna karawa ɗaya tak yana ruɗarwa, saboda wanda aka kashe a minti uku na farko da wanda ya kai ƙarshen fili ba ɗaya suke ba, shi ya sa tara su da rabawa ya fi ba da gaskiya.

Akwai hanya ta biyu ga mai son ya tabbatar, kuma ita ce ta fi burge ni. Wayoyi da yawa, har da irin Tecno da Infinix da suka cika hannayenmu, suna iya nuna saurin data a saman fuska idan aka kunna. Ina cikin wasa sai na riƙa satar kallon lambar, na ga tana yawo a kusa da 10 KB/s, tana ɗan hawa idan an taru ana musayar wuta, tana sauka idan ina gudu ni kaɗai a daji. Idan aka ninka 10 sau daƙiƙa 60, sannan sau minti 20, za a sami KB 12,000, wanda shi ne kusan MB 12 ɗin da lissafin farko ya bayar. Dalilin ƙanƙantar abin shi ne ba hoto ake aiko wa wayar ba. Gidaje da bishiyoyi da motocin duk suna ajiye a cikin wayar tun ranar da aka sauke wasan, ita kuwa sabar wasan, kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, gajerun bayanai kawai take musayarwa da kai, wato wane yana tsaye a ina, ina ya dosa, ya yi harbi ko bai yi ba. Wannan ne ya sa shawarar da ake yawan bayarwa ta a rage kyawun hoto domin a tsimi data ba ta da wani tasiri a kan karawa. Rage hoton yana hana waya zafi, yana kuma sa caji ya daɗe, amma da na sake aunawa bayan na rage shi lambar ba ta motsa ba.

Da wannan lissafi, GB 1.5 za ta ɗauki karawa sama da 120, kuma babu mai aikin yi ko ɗalibin da zai buga haka a mako guda. A wannan gaɓar na riga na yanke cewa datar ta cancanci kuɗinta, har na fara gaya wa abokan tawagarmu su daina zargin wasan.

Sai ga yammacin da ya sauya mini ra'ayi. Na buɗe wasan da sauran data fiye da GB 1 a layina, abokai suna jirana, sai na tarar da sanarwa cewa dole a sauke sabuntawa ta kimanin MB 700 kafin a shiga, kuma babu maɓallin da zai ba ka damar cewa sai anjima. Na lissafa na ga ko an cire wannan zan tsira da abin da zai kai ni ƙarshen mako, saboda haka na danna. Saukewar ta yi ta tafiya a hankali har ta wuce kashi 80, daidai lokacin da sabis ya faɗo daga 4G ya koma 3G, ya ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci, kamar yadda ya saba yi a unguwarmu bayan magariba idan kowa ya hau layi. Da ya dawo, maimakon wasan ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai na ga layin saukewar ya koma sifili. Kusan MB 600 sun tafi ke nan ba tare da na samu ko harsashi ɗaya ba, kuma abin da ya rage bai isa a sake saukewar ba. Na danna *323# na duba, lambar da ta fito ta yi daidai da abin da wayar ta nuna, don haka ba zan ce kamfanin layin ya yi mini ƙwange a lissafi ba. Amma data ce da na biya domin mako guda, babban kasonta ya ƙare a zama ɗaya saboda sabis ɗin da ba ya iya tsayuwa na rabin awa, kuma da na kira 300 abin da aka iya gaya mini shi ne in kashe wayar in sake kunnawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne datar da ta salwanta a wannan yammacin ta isa karawa kusan 50.

Masu wasan ma suna da nasu kason na laifi. Ban ga dalilin da zai sa manhajar da ta san yawancin masu buga ta a waya suke, da datar da aka auna musu, ta kasa riƙe abin da ta riga ta sauke ba. Bayan na sake sayen data na shiga, sai na lura cewa ko a zauren jira, inda ake tsayawa kafin a fara karawa, lambar saurin tana hawa zuwa ɗaruruwan KB alhali ban taɓa komai ba. Da na bincika sashen saukewa na cikin wasan sai na ga yana janyo sababbin filaye da kayan ado na 'yan wasa da muryoyi da kansa, domin an bar saukewa ta kai tsaye a kunne. A nan ne kawai maganar kyawun hoto take da gaskiya, saboda fakitin hoto mai inganci ya fi na hoto mai ƙarancin inganci nauyi sosai a wajen saukewa. Na kashe saukewar kai tsaye, na bar fili ɗaya da muke bugawa, na ƙyale sauran. Na kuma daina kallon bidiyon talla da ake ba da ƴar kyauta a kansa, domin shi bidiyo hoto ne na gaske ake aiko maka, kuma guda kaɗan daga cikinsu sun kai nauyin karawa sukutum.

Sauran gyaran a cikin wayar yake. A Play Store, ƙarƙashin Network preferences, na mayar da Auto-update apps zuwa Don't auto-update apps, domin ni in zaɓi lokacin da za a sabunta komai. Na kunna Data Saver saboda manhajojin sada zumunta su daina jan hotuna da bidiyo a bayan fage ina tsakiyar wasa, abin da yake cin data kuma yake sa lambar ms ta wasan, wadda ke nuna jinkirin layi, ta yi tsalle har mutum ya daskare a gaban abokin gaba. Wanda yake jona wayarsa da datar wata waya ko ƙaramar na'urar intanet ya kamata ya san cewa wayar tana iya ɗaukar wannan a matsayin Wi-Fi na kyauta, sai ta saki jiki ta sauke duk abin da ta jinkirta, sai fa idan an shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin an sa shi a Metered, wato a shaida wa wayar cewa datar mai iyaka ce. Hira da murya a cikin wasa kuwa, da na auna ta, ta ɗaga karawar daga MB 12 zuwa wajen MB 17. Ban kashe ta ba, domin tawagar da ba ta magana ba ta cin wasa, amma nakan rufe makirufo a zauren jira, inda hirar duk ta ƙwallo ce da tsokana.

Ita kuwa babbar sabuntawa, yanzu datar dare nake saya mata daban, wadda ake bayarwa da araha daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da layi ba cunkoso kuma sabis ya fi tsayuwa. Wannan ma yana da nasa ciwon kan, domin datar daren tana da iyaka, wani lokacin ba ta kai girman sabuntawar ba, ga shi kuma mutum yana da aiki da safe amma an tilasta masa zaman dare yana gadin waya kada saukewa ta yanke.

Idan aka tambaye ni ko datar mako ta GB 1.5 ta isa mai buga gem, zan ce ta isa har da rara a makon da babu sabuntawa, domin wanda yake buga karawa biyar kowace rana da murya a kunne bai wuce MB 600 ba a makon. A makon da sabuntawa ta faɗo kuwa ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita, musamman idan unguwarsa irin tamu ce da sabis ke ɗaukewa da magariba. Ni dai ina ci gaba da sayenta saboda aljihuna bai kai na wata ba, kuma har yau ban huce da waɗancan MB 600 ɗin ba.