Sharhi kan java.time a manhajar bukin tafiya a Birnin Kebbi

Wannan sharhi ne a kan `java.time`, tarin azuzuwan kwanan wata da lokaci da suka zo tare da Java 8 a shekarar 2014, bayan amfani da su a manhajar bukin tafiya ta masu shirya Umara da tafiyar neman magani a Birnin Kebbi. Hukuncina tun daga farko shi ne kayan aiki ne nagari, sun fi tsofaffin `Date` da `Calendar` nesa ba kusa ba. Sai dai suna da wani tarko da ya fi kama mu 'yan Najeriya. Agogonmu ba ya canzawa rani da damina, kullum awa ɗaya muke gaban UTC, haka ma Nijar da Binin da muke iyaka da su. Saboda haka manhajar da aka gina a karkace za ta yi ta aiki lafiya lau muddin motar Argungu ko ta Kamba ake yanka wa tikiti. Ranar da aka shigar da Jidda ko Alƙahira ne asiri ke tonuwa.

Azuzuwa uku ne ke ɗauke da nauyin aikin. `LocalDateTime` shi ne abin da agogon bango da kalanda ke nunawa, ba tare da an faɗi a wane gari bangon yake ba. `ZonedDateTime` shi ne wannan lokacin haɗe da sunan yanki, kamar `Africa/Lagos`. `Instant` kuwa daƙiƙa ɗaya ce tak a duniya baki ɗaya, ba ruwansa da gari. Abin da na fi yaba wa waɗanda suka tsara su shi ne ba a tsallakawa daga na farko zuwa na uku sai an faɗi yanki ko tazararsa da UTC. In ba ka faɗa ba, shirin ba zai ma haɗu ba.

A ɗauki misali. A ce an yi shatar jirgin Umara zai tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ƙarfe 22:30 ranar Alhamis 12 ga Maris 2026, ya sauka Jidda 05:30 na asubahin 13 ga wata. A al'adar jiragen sama, kowane lokaci a kan tikiti agogon garinsa ne: tashi da na Kebbi, sauka da na Jidda. Wanda ya ajiye su biyun a matsayin `LocalDateTime` ya nemi tazararsu, awa 7 zai samu, kuma ba wani gargaɗi da zai fito. Saudiyya tana UTC+3, wato awa biyu gaba da mu, don haka tafiyar gaskiya awa 5 ce.

```java
var tashi = LocalDateTime.of(2026, 3, 12, 22, 30)
        .atZone(ZoneId.of("Africa/Lagos"));
var sauka = LocalDateTime.of(2026, 3, 13, 5, 30)
        .atZone(ZoneId.of("Asia/Riyadh"));
Duration.between(tashi, sauka); // PT5H
```

Ba a tsawon tafiya kaɗai ɓarnar ke tsayawa ba. A wajen dawowa abin ya fi ciwo. In jirgi zai bar Jidda 09:00, aka saita saƙon tuni ya fita awa huɗu kafin tashi, amma manhaja ta ɗauki 09:00 ɗin da agogon Najeriya, saƙon zai shiga wayar Hajiya ƙarfe 07:00 na Jidda maimakon 05:00. Saura awa biyu jirgi ya tashi, ita kuwa tana masauki a Makka. Hanyar gane wannan cuta ba wuya: kuskuren kullum awa biyu ne cif, zuwa ya yi tsawo, dawowa ya gajarce. A kula kuma da bambancin `withZoneSameInstant` da `withZoneSameLocal`. Na farko ne ke gaya wa ɗan da ke jira a Kebbi cewa 05:30 na Jidda 03:30 ne a agogonsa. Na biyu sunan yanki kawai yake sauyawa ya bar lambobin yadda suke. Sunayen sun yi kama da juna fiye da kima, kuma na ɗauki wannan a matsayin aibi.

Nasihar da kowa ke maimaitawa ita ce a ajiye komai a UTC. Ga abin da ya riga ya faru, kamar lokacin da aka biya kuɗi ko aka soke tikiti, daidai ne, `Instant` ya wadatar. Ga alƙawarin da bai zo ba tukuna, rabin gaskiya ce. Masar ta dawo da tura agogo gaba a 2023 bayan shekaru da dainawa, daga ranar Juma'a 28 ga Afrilu ta koma UTC+3 zuwa ƙarshen Oktoba. A ce tun watan Janairu an yi wa majiyyaci bukin ganin likita a Alƙahira ƙarfe 10:00 na 10 ga Mayu. A lissafin Janairu, 08:00 UTC ke nan, kuma ita aka ajiye. Da doka ta sauya, 08:00 UTC ta zama 11:00 a Alƙahira. Likita yana nan a kan 10:00 ɗinsa, takardar majiyyaci ta ce 11:00.

Maganin shi ne gurbi biyu a rumbun bayanai: ɗaya na lokacin gari kamar yadda aka yi alƙawari, ɗaya na sunan yanki, `Africa/Cairo`, ba `+02:00` ba. Sunan yanki yana tafe da dokokinsa, lamba kuwa ba ta san an yi sabuwar doka ba. In ana so a ƙara gurbi na uku na UTC don jerantawa da aika tuni, ba laifi, amma a riƙa sake lissafa shi daga biyun farko. Masu amfani da PostgreSQL su sani cewa `timestamptz`, duk da sunansa, ba ya riƙe yankin da aka ba shi. Juyawa yake yi zuwa UTC ya yar da sauran.

Su kansu dokokin, Java tana ɗauke da nata kwafi na kundin yankuna na IANA a cikin JDK. Sabunta na'urar sabar bai isa ba in an bar tsohuwar Java a kai. Wannan layi zai nuna bugun da ke aiki, shekara da harafi:

```java
ZoneRulesProvider.getVersions("Africa/Cairo").lastKey();
```

In ya nuna bugun da ya gabaci 2023, duk lissafin Alƙahira tsakanin ƙarshen Afrilu da Oktoba zai kauce da awa ɗaya. Akwai kuma wani hali na `atZone` da bai kwanta mini ba. Daren da Masar ta tura agogo, daga 00:00 aka tsallaka 01:00, don haka 00:30 ba ta wanzu ba a ranar. In ma'aikaci ya shigar da ita, `atZone` zai mayar da ita 01:30 shiru ba magana. A manhajar bukin gara a ƙi karɓa a tambayi mutum. `getRules().getValidOffsets(...)` zai dawo da jeri fanko ga irin wannan lokaci, ya dawo da biyu ga awar da ke maimaituwa a Oktoba.

Ko wanda harkarsa ba ta wuce Kebbi zuwa Abuja ba, akwai awa ɗaya da ke jiran sa kowane dare. Sabobin haya galibi a UTC suke. Daga 00:00 zuwa 01:00 agogon Najeriya, `LocalDate.now()` jiya zai ba ka. Kuɗin da aka biya 00:20 sai ya faɗa lissafin jiya, akanta ya wayi gari rahoton manhaja da na banki sun saɓa. Da azumi, lokacin da mutane ke raye da dare, abin ya fi fitowa fili. In ka ga duk rasit masu matsala sun taru a wannan awar, kada ka nemi wani dalili. A rubuta `LocalDate.now(ZoneId.of("Africa/Lagos"))`, ko mafi kyau a miƙa wa manhaja `Clock` guda ɗaya, yadda a wajen gwaji za a iya tsayar da agogo a 00:20 da `Clock.fixed` ba sai an kwana a ofis ba.

Sai batun kwanakin otal, inda kuɗi ke zurarewa. Baƙo ya shiga 14:00 ranar 10 ga wata, ya fita 12:00 ranar 13. Kwana uku ya yi a ɗaki. Amma awa 70 ce tsakani, kuma `toDays()` na `Duration` yana rabawa da 24 ya zubar da ragowa, sai ya ce 2. An yi asarar kuɗin dare guda. `Period` ma yana da nasa: daga 25 ga Janairu zuwa 3 ga Maris 2025 wata ɗaya ne da kwana 6, don haka `getDays()` zai ce 6, alhali kwana 37 ne. Abin da ke ƙirga dare daidai shi ne `ChronoUnit.DAYS.between` a kan `LocalDate` biyu. A bar wa `Duration` abin da ake aunawa da agogo, kamar riƙe kujera minti 30 kafin a biya.

Wajen bugawa a takarda, `DateTimeFormatter` ba ya rikicewa ko da buƙatu da yawa sun yi amfani da shi lokaci guda, saɓanin `SimpleDateFormat`, don haka a gina shi sau ɗaya. Haruffansa ne ba su da afuwa. `MM` wata ne, `mm` minti. `hh` yana buga 22:30 a matsayin 10:30. Mafi sharri shi ne `YYYY`, shekarar da ake ƙirgawa da makonni: duk shekara yana daidai, sai a kwanakin da ke bakin sabuwar shekara. Tikitin 29 ga Disamba 2025 zai fito da 2026. `yyyy` ko `uuuu` ake so.

Jirgin misalinmu yana da wani ruɗani da Java ba ta san da shi ba. Ƙarfe 22:30 na Alhamis, a bakin Bahaushe daren Juma'a ne, tunda da magariba ta yi an shiga daren gobe. Ma'aikaci zai ce wa Alhaji "daren Juma'a", wani ɗan boko a gidan ya fassara shi da Juma'a bayan isha. Tsarin da ya fi zama lafiya a saƙon waya shi ne rana, kwanan wata da sunan watan a rubuce, lokaci da kuma gari: "Alhamis, 12 Maris 2026, 22:30, agogon Kebbi". Kada a buga 12/03 kawai.

Alhazai kan so ganin kwanan watan Musulunci a takardarsu, kuma `HijrahDate` yana bayarwa cikin layi ɗaya. Kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya yake bi, wadda aka lissafa tun kafin watan ya zo. Mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke jira bayan an ga wata, kuma su biyun kan iya saɓawa da kwana ɗaya. Don haka a nuna shi a gefe da alamar "kalandar Saudiyya", kada a ɗora ƙarewar biyan kuɗi ko farashin goman ƙarshe a kansa. In hukuma ko mai kamfani na son ranar da ake bi a gida, a yi ƙaramin tebur da ma'aikaci zai shigar da ranar ɗaya ga wata da hannu bayan sanarwa, manhaja ta ci gaba da ƙirga daga nan.